Tiyorin Lissafi na WAEC: tambaya goma a awa biyu da rabi, yaya kuke raba lokacin?

Hafsat_Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara. Mun yi jarrabawar gwaji ta Lissafi a makaranta, an yi ta daidai da tsarin WAEC: awa biyu da rabi, tambaya 13 a amsa 10. Ta 1 da ta 2 sun ci min minti 25. Ta 3 ta biyarin ce, na zauna a kanta har minti 35, ina zane ina gogewa, kuma ban fitar da ita ba. Ta 4 da ta 5 suka ɗauki wani rabin awa. Ko da na shiga sashe na biyu saura awa ɗaya, na yi biyu, ina cikin zana giraf na ta uku aka ce a ajiye biro. Abin haushin, biyun da ban taɓa ba na iya su. Yaya ake raba mintocin nan, kuma yaushe mutum zai haƙura da tambaya ya wuce?

Abba_Kawo:
Wa alaikumus salam. Ai lissafin mai sauƙi ne. Tambaya 180 a minti 120, kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan. Duk wadda ta wuce minti ɗaya ki danna N ki yi gaba, in kin gama ki dawo da P. Kuma kada ki bar ko ɗaya babu amsa, tunda ba a rage maki don an faɗi.

Zainabu_TudunWada:
Abba, JAMB kake ba da labari. Ita tiyorin WAEC take tambaya, wanda ake rubuta aiki a takarda. Ka ƙara karanta saƙonta.

Abba_Kawo:
Kai, afuwan. JAMB ɗin ce ta cika min kai kwanakin nan.

Sadik_Malali:
Minti 150 a raba gida 10, kowace tambaya minti 15. Shi ke nan. Haka na yi a namu kuma na samu kiredit.

MalamIsa_Lissafi:
Sadik, ka kusa, amma tambayoyin ba nauyinsu ɗaya ba. Sashe na ɗaya tambaya 5 ne na dole, jimillar maki 40, wato kowace maki 8. Sashe na biyu tambaya 8 ne a zaɓi 5, jimillar maki 60, kowace maki 12. Idan ka ba wa mai maki 8 minti 15, ka ba mai maki 12 ita ma minti 15, ka ƙwari wadda ta fi tsoka.

A kan maki ake raba lokaci. Minti 150 a kan maki 100, kowane maki ya tashi a minti ɗaya da rabi. Mai maki 8 ta samu minti 12, mai maki 12 ta samu 18. Sai dai in aka tara, 60 da 90, ya cinye 150 ɗin cif, babu na karanta takarda, babu na dubawa, babu na lokacin da za a zo kanka da takardar sa hannu. Shi ya sa nake sa ɗalibaina su ɗan matse: minti 10 na farko karatu da zaɓi, minti 10 kowace tambaya a sashe na ɗaya, minti 16 kowace tambaya a sashe na biyu, minti 10 na ƙarshe dubawa.

Hafsat, a zaure ba za ki iya riƙe lokaci goma a kai ba, kuma duban agogo kowane minti shi ma cin lokaci ne. Uku kawai za ki riƙe. A ce an fara 9:30, za a tashi 12:00. Kafin ki rubuta komai, sa su a gefen takardar tambaya: 9:40 na fara rubutu, 10:30 na bar sashe na ɗaya ko na gama ko ban gama ba, 11:50 na daina sabon aiki. In an makara aka fara 9:50, ki ƙara 20 a kowanne. Na tsakiyan nan, 10:30, shi ne wanda ya kuɓuce miki.

Hafsat_Rigasa:
Na gode Malam. To amma ko ban gama ba in wuce? Na dole ne fa sashe na ɗayan. Tunanin da ya riƙe ni ke nan, na ga kamar in na bar ta 3 na karya doka.

MalamIsa_Lissafi:
“Na dole” yana nufin ba ki da ikon musanya ta da wata, ba wai sai kin fitar da ita za a duba sauran ba. Duba abin da ya faru da ke. Haƙƙin ta 3 minti 10 ne, kika ba ta 35. Rarar minti 25 ɗin nan a sashe na biyu tambaya ɗaya da rabi ce, kusan maki 18, kuma a kan abin da kika ce kin iya. Kin kashe su wajen neman maki 8, wanda ma ba duka kika samu ba. Turo min tambayar in kina tuna ta, mu ga inda ta maƙale.

Hafsat_Rigasa:
Mutum ya tashi daga P ya yi kilomita 8 a biyarin 040° zuwa Q, daga nan ya yi kilomita 6 a 130° zuwa R. (a) a zana, (b) a nemo nisan PR, (c) biyarin na R daga P. Kusurwar da ke Q ce ta ƙi fita. Na tara 40 da 130 na samu 170, amma in na kalli zanena ba ta yi kama da 170 ba, sai in goge in sake.

MalamIsa_Lissafi:
Madalla, idonki ya gaya miki gaskiya. A Q za ki ja sabon layin arewa. In kika tsaya a Q kika waiwayi P, biyarin ɗinsa 040° da 180°, wato 220°. R kuma yana 130°. Bambancinsu 90° ne. Da zarar 90° ta fito, 8 da 6 suna ba da 10 kai tsaye, PR kilomita 10. Sai tan θ = 6/8, θ kusan 36.9°, a ƙara a kan 40°, amsa 077°. Wanda ya hango layin arewan nan aikin minti 6 ne.

Amma yau ba darasin biyarin muke yi ba. Abin lura shi ne alamar da ta bayyana tun wuri. Zane na farko bai fita ba, na biyu ma haka. Da kin ga kin koma kan abu ɗaya karo na biyu kuma babu wata sabuwar dabara da ta zo miki, to zaman da za ki ƙara ba zai kawo ta ba, gogewa kawai za ki yi ta yi. Nan ne wajen tashi, wajen minti na 4 ko na 5, tun kason tambayar bai ƙare ba. Ki bar zanen a takarda da lambobinsa, P, Q, R, 8, 6, 40°, 130°, kada ki goge, domin zanen shi kansa (a) ne kuma yana da maki. Ki bar rabin shafi fili, ki sa ɗan tauraro a takardar tambaya, ki wuce ta 4.

Wannan daban yake da wanda ya san hanya, aiki yana tafiya layi bayan layi, agogo ne kawai ya kai minti 10. Shi wannan ya ƙara minti 2 ya ƙarasa, don makin yana hannunsa. Abin da za ki tambayi kanki: na san layin da zan rubuta na gaba? In e, ci gaba. In a'a, tashi.

Ummi_Badarawa:
Wallahi Malam kamar kana kallona. Ni nawa matsalar ba rashin sanin hanya ba ce. Sai in gama aiki in ga amsa ta fito wata iri, kamar 7.3846, zuciyata ta ce ai ba daidai ba ne, in soke in fara daga farko. Wani sa'in sau biyu, kuma amsar dai ita ce take dawowa.

DanBarnawa:
Ummi, a tiyori amsa mara kyan gani ba laifi ba ce. Ki duba ko tambayar ta ce a bar amsa a lamba ɗaya ko biyu bayan ɗigo. In ta faɗi haka, to su da kansu sun san ba za ta fito cif ba. Abin da zai sa ki damu shi ne amsar da hankali ba zai ɗauka ba: tsawo ya fito da alamar ragi, ko yawan mutane ya fito da rabi, ko shekarun uba su gaza na ɗansa.

MalamIsa_Lissafi:
Haka ne. Kuma ko a irin wannan ba a sokewa a sake daga farko. Takardar da ake bi wajen gyara tana raba maki ne: akwai na hanya, akwai na amsa. In hanyarki daidai ce kika yi tuntuɓe a ragi ko ninkawa, na amsa kawai zai tafi, na hanya yana nan. Wanda ya soke shafi guda don ya kori maki 1 ko 2 ya biya minti 8. Ki bi layukan da ido sau ɗaya, musamman inda aka buɗe baka ko aka tsallakar da lamba. In kin ga kuskuren, ja layi ɗaya ki gyara a gefe. In ba ki gani ba, bar shi, sai mintin dubawa. Kuma kada a soke tsohon aiki sai an gama rubuta sabo. Na sha ganin takarda da aka zabga wa aiki mai kyau giciye, ƙasansa kuma babu komai saboda lokaci ya cika.

Sadik_Malali:
Allah ya gafarta Malam, ni minti 10 na karatun nan ne ban gamsu da shi ba. Kusan tambaya guda ce fa aka zubar. Sashe na ɗaya ba zaɓi, me za a karanta? A fara kawai, in an iso sashe na biyu a zaɓa.

Zainabu_TudunWada:
Ni kuma ina ganin amfaninsa. Da na isa sashe na biyu a gajiye, lokaci na kora ta, sai kawai na ɗauki ta 6, 7, 8 a jere don su ne a gaba. Bayan an fito na ga ta 12 zanen Venn ce, abin da nake yi ido rufe. Ko juya shafin ban yi ba.

MalamIsa_Lissafi:
Sadik, ga wanda hannunsa ya faɗa minti 5 ya isa, ban ƙi ba. Abin da ba na so shi ne a tsallake shi gaba ɗaya. Ba karatun warwarewa ba ne. Ido za a bi da shi a kan 6 zuwa 13, a karanta har ƙaramar tambaya ta ƙarshe, don sau da yawa (a) tana da sauƙi, (b) mai yawan makin ce ke da ƙaya. A sa alama: wannan tawa ce, wannan wataƙila, wannan a'a. Kuma takardar ta ƙasashen Afirka ta Yamma ce da dama, za ka iya ganin ɗaya ko biyu a kan abin da ba a koyar da shi a manhajarmu ba. Gara ka gane su tun farko ka cire su daga lissafi.

Baba_Audu_Kakuri:
Yaran yanzu kun ji daɗi da kalkuleta. Mu a zamaninmu littafin logarizim ne, ninka lamba biyu sai ka buɗe shafi, ka bi layi da rula, ka koma wani shafin. Duk da haka muna gamawa. Abin da malaminmu ya hore mu da shi shi ne kada ka kwafe tambaya a takardar amsa. Lambarta kawai za ka rubuta ka shiga aiki. Jikata na gani tana kwafe tambaya kalma-kalma da kyakkyawan rubutu, har da ja layi a ƙasa da jan biro. Na ce mata 'yar nan, mai gyara yana da tambayar a gabansa.

Ummi_Badarawa:
Baba ka taɓo ni. Ina yi wallahi.

Maman_Halifa:
Ina bin ku tun ɗazu, ɗana ne zai zauna bana. Duk wannan 10:30 da 11:50 da ake ta faɗa, da wane agogo? A gwajin da suka yi an hana su shiga da agogon hannu, kuma ajin babu na bango. Ya ce min sai dai ya ji an ce saura minti 30, cikinsa ya ɗuri ruwa.

Abba_Kawo:
A JAMB ma ba a shiga da agogo, amma can lokaci yana kan allon kwamfuta yana raguwa, kana gani.

DanBarnawa:
Hajiya, wannan abu ne da iyaye za su iya magana a kai tun kafin ranar. A roƙi hukumar makaranta ta rataya agogon bango a zauren, ko ku haɗa kuɗi ku saya, ba shi da tsada a Kasuwar Barci. In babu, yaro yana da damar ɗaga hannu ya tambayi mai sa ido ƙarfe nawa. Ya tambaya bayan ya gama ta 3, ya sake tambaya in zai shiga sashe na biyu. Sau biyu ko uku ba wanda zai ƙi.

Maman_Halifa:
To, zan kai maganar taron iyaye. Shi dai kunya ce da shi, ban san ko zai ɗaga hannun ba.

Nura_Mando:
Ni fa ina da ja a kan maganar gaba ɗaya. Wannan tsarin na masu neman A1 ne. Ɗalibin da C6 yake nema, me zai kai shi guje-guje a kan tambaya 10? Ya zauna ya yi 7 da kyau. Biyar na farko 40, biyu daga na biyu 24, ya kama 64 ke nan. Gara haka da ya taɓa nan ya taɓa can bai gama ko ɗaya ba.

Sadik_Malali:
Nura ya faɗi gaskiya. Akwai abokina da ya yi haka ya wuce.

MalamIsa_Lissafi:
Nura, 64 ɗin nan sai in ya cinye kowane maki a bakwai ɗin. Wanda zai iya haka ai ba mai neman C6 ba ne. Ɗalibi matsakaici in ya yi bakwai, zai zubar a nan ya zubar a can, sai ka ga ya sauko ƙasa da 50, kuma ya bar maki 36 da ko kallonsu bai yi ba.

Makin farko na kowace tambaya ya fi na ƙarshenta araha. Ɗauki giraf. A ce y = 2x² − 3x − 5, x daga −3 zuwa 4. Cike tebur kawai, 22, 9, 0, −5, −6, −3, 4, 15, aikin minti 3 ko 4 ne da kalkuleta, kuma yawanci an riga an cike maka wasu gurabun. Yana da makinsa ko ba ka ɗora fensir a takardar giraf ba. Tambayar ƙididdiga ma haka, teburin tara adadi yana da nasa. To minti 4 a nan ya fi minti 4 na goge-goge a ƙarshen tambayar da ta riga ta ba ka abin da za ta ba ka.

Inda na yarda da kai: wanda bai san komai a kan tambaya ba, kada ya ɓata lokaci yana ƙirƙira. Kuma ɗalibi mai sanyin hannu zai iya cewa takwas zan yi cikakku, sauran biyun in ɗebi (a) da tebur. Wannan tsari ne. Amma ya shiga da niyyar bakwai, ban goyi baya ba.

Nura_Mando:
Na ji Malam, amma har yanzu ina ganin akwai yaran da gudun nan zai rikita su su rasa duka. Ba kowa ke iya barin abu rabi hankalinsa ya kwanta a kan na gaba ba.

Zainabu_TudunWada:
Wannan kam gaskiya ne Yaya Nura. Ni in na bar tambaya, tana nan tana min yawo a kai. Sai dai abin mamaki, wani lokacin ina cikin wata sai hanyar waccan ta faɗo min. Shi ya sa barin fili a takarda yake da amfani.

Hafsat_Rigasa:
Malam, tunda an zo kan giraf, shi ne aka karɓe takarda ina ciki. Minti 16 zai ishe shi kuwa? Ni ina ganin ya fi sauran cin lokaci.

MalamIsa_Lissafi:
Yana ci, shi da zanen kwamfas da rula. Ki ƙiyasta masa 18 zuwa 20, ki rama a wata gajera. Tebur minti 4, jan layuka da sa sikeli 3, sa ɗigo-ɗigo da haɗa lanƙwasa 6, karanta amsoshi 4 ko 5. Abin da ke kashe lokaci shi ne a ja layuka kafin a kalli tebur. A misalin can y ya sauka har −6 ya hau har 22, don haka layin x ba a tsakiyar takarda zai zauna ba, ƙasa-ƙasa zai yi. Wanda ya ja a tsakiya, sai ya zo ɗiga 22 ya ga takarda ta ƙare, ya sake daga farko. In kuma ɗigo ɗaya ya fita daga lanƙwasar, kada ki goge zanen, gurbin nan na tebur za ki sake lissafawa, galibi alamar ragi ce a x².

Kuma kada ki bar giraf ya zama na ƙarshe. Ba ya yiwuwa da gaggawa, hannu na rawa. Ki sa shi na biyu ko na uku a sashen. Ta ƙarshe ta zama mai ƙananan rassa, (a), (b), (c) da ba su jingina da juna ba, yadda ko an tsayar da ke a tsakiya kin riga kin kwashi wani abu.

DanBarnawa:
Ni shawarar da nake ba ƙannena ma ta wuce haka. Su fara da sashe na biyu gaba ɗaya tun kai na da sanyi, tunda can maki 60 yake. Ba dole ba ne a bi jeri, in dai an rubuta lambar tambaya a fili.

MalamIsa_Lissafi:
Ya halatta, kuma na ga waɗanda ya yi wa amfani. Tsorona shi ne tambayoyin can dogaye ne, mutum yana iya nutsewa ya farka saura minti 25 ga tambaya biyar na dole. Wanda zai yi haka ya juya lokutan: an fara 9:30, to 11:00 ya bar sashe na biyu. Ni dai na fi son a fara da gajeru hannu ya saki.

DanBarnawa:
Kowa da yadda ya saba, Malam. Ni gajerun ne ke ruɗa ni in na fara da su, sai in yi ta yi musu ado.

Ummi_Badarawa:
Tambaya a gefe: wannan minti ɗaya da rabi kowane maki, haka yake a Turanci ma?

Zainabu_TudunWada:
A'a. Turanci awa 2 ne maki 100, kuma takardar da kanta tana ba da shawara: insha'i minti 50 maki 50, fahimta minti 30 maki 20, taƙaitawa minti 40 maki 30. Kin ga ba daidai da maki aka raba ba, saboda biyun ƙarshe sai an karanta dogon rubutu tukuna. Can ma cutar ɗaya ce, a zauna a kan insha'i awa ɗaya da kwata, taƙaitawa ta tafi a banza.

Nura_Mando:
Wani ya ce min in lokaci ya rage gara a ƙara ta shida a sashe na biyu, ko da wata ta lalace.

MalamIsa_Lissafi:
Biyar aka ce, biyar za a lissafa. Minti 10 na ƙarshe suna da aikinsu. A fara da masu tauraro, irin ta 3 ɗin Hafsat, a ba ta minti 4 da sabon ido. Sai a bi amsoshi ɗaya-ɗaya: an sa km, cm², naira, digiri? An bar amsa a yadda aka nema? Biyarin lamba uku ne, 077° ba 77° ba. Akwai (c) da ta ɓuya a bayan shafi? Lambobin tambayoyi daidai suke? Waɗannan maki ɗai-ɗai ne, amma in aka tara su a tambaya goma sun fi abin da ta shida za ta kawo.

Baba_Audu_Kakuri:
A ƙara da addu'a da karin kumallo. Yaro ya taso daga Rigasa ko Mando cikin cunkoson safe, ga ruwan farkon damina, ya iso yana haki, minti 10 na farko ma ba zai san me yake karantawa ba.

Hafsat_Rigasa:
Na gode ƙwarai Malam, na gode kowa. Yau da yamma na ɗauki tsohuwar takarda na gwada da agogon waya. Sashe na ɗaya ya kai ni minti 58 maimakon 50, na bar ta 4 rabi na wuce. Giraf ya ci 21. Na taɓa goma duka amma ban samu na dubawa ba, ta 4 ɗin ma ban koma kanta ba. In rage na karatun farko ne, ko in matse sashe na biyu?

Sadik_Malali:
Rage na karatun, na faɗa tun ɗazu.

MalamIsa_Lissafi:
Kada ki taɓa komai tukuna. A gwaji na gaba ki rubuta lokacin da kika fara da wanda kika gama a gefen kowace tambaya, mu ga ko guda ɗaya ce ta cinye minti 8 ɗin ko kowace ce ke ɗan zarcewa. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta 4 ɗin a kan me take?

Hafsat_Rigasa:
Da'ira ce Malam, kusurwoyi a cikin da'ira. Zan ɗauki hoton aikin in turo bayan sallar isha'i.

Nura_Mando:
Ki turo nan kowa ya gani. Ni ma zan sa ƙanina ya gwada nawa tsarin na bakwai a takarda ɗaya da taki, sai Malam ya gyara duka biyun.